Ba Kowa Aka Haifa Ranar 1 Ga Janairu Ba

Duk wanda ya taɓa zama kusa da teburin rajista a Tasawa ko Mayahi ya san wurin da layi yake tsayawa. Suna ba ya ba da wahala, sunan uba ma haka, gari kuwa kowa ya san nasa. Da an zo gurbin ranar haihuwa sai aiki ya cije. Dattijo ya miƙo tsohuwar takardarsa wadda aka rubuta wa « né vers 1958 », wato an haife shi wajajen shekarar 1958. Na'ura kuma ta buɗe gida uku, na rana da na wata da na shekara, ta ƙi wucewa sai an cika su duka. Ma'aikaci ya dubi layi, ya dubi rana, ya buga 01/01/1958. Dattijon ya tashi da ranar haihuwar da ba shi ya faɗa ba, ba kuma uwarsa ta faɗa ba, kuma ita ce za ta bi shi har kabari.

Abin ba na talaka kaɗai ba ne. Tsofaffin shugabannin ƙasa biyu a jere, Mahamadu Isufu da Mohamed Bazum, bayanan da aka fi yaɗawa a kansu suna cewa ranar 1 ga Janairu aka haife su, na farko a 1952, na biyu a 1960. A Nijar wannan rana ta tara jama'ar da babu wata rana a kalanda da ta tara kamarta, kuma kowa ya san ba ungozoma ce ta yi aiki fiye da kima a daren sabuwar shekara ba.

Rashin sanin rana ba laifin mai takarda ba ne. A ƙauyukan Korgom, Urafan, Maijirgi ko Kanembakashe, haihuwa a ɗaki ake yin ta, ranar bakwai liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, a raba goro, shi ke nan shaida ta kammala a idon gari. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar, na 2012 kuma ya nuna adadin ya kai kashi 64. An ci gaba, amma iyayen waɗannan yaran da kakanninsu an haife su ne a zamanin da rajista ta fi haka ƙaranci. Dokar rajistar al'umma mai lamba 2019-29 ta 1 ga Yuli 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda wa'adin ya wuce shi sai ya bi ta hannun alƙali a ba shi hukuncin da ke tsaya masa a matsayin takardar haihuwa, ko dai a kotu ko a zaman tafi-da-gidanka da alƙalai kan yi a ƙauyuka, inda ake iya yi wa ɗaruruwan mutane a yini guda. A irin wannan zama shaidu suna iya rantsuwa a kan shekara. Rana da wata kuwa, sai wanda Allah ya ba sa'a.

Don haka buga 01/01 ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce abin da ake zubarwa a lokacin da aka buga shi. Tsohuwar takarda, duk da tsufanta, ta fi na'ura gaskiya, domin kalmar nan ta « vers » tana gaya wa duk wanda ya karanta cewa kirdado aka yi. Da zarar an mayar da ita 01/01/1958, kirdadon ya ɓace, ya koma kamar tabbas. Babu mai iya bambance wannan dattijo da wanda da gaske aka haifa a asibitin Maraɗi da safiyar 1 ga Janairu aka kuma rubuta shi a rajista a ranar. Daga nan duk ofishin da ya karɓi takardar zai yi lissafi a kan wannan rana kamar wahayi ce.

Lissafin kuwa yana da nauyi. Zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ya gudana ranar 27 ga Disamba 2020, da rajistar masu zaɓe ta zamani mai hoto da zanen yatsa. A ɗauki samari biyu 'yan Hawan Dawaki waɗanda abin da aka sani kawai shi ne an haife su a 2002. Wanda aka rubuta wa 1 ga Janairu 2002 ya kusa cika shekara 19 a ranar zaɓen. Wanda wani ma'aikacin ya rubuta wa 31 ga Disamba 2002 saura kwana huɗu ya cika 18. Tazarar kwana 364 ce tsakanin mutum biyu da wataƙila rana ɗaya aka yanka musu ragon suna. Haka lissafin yake a wancan ƙarshen rayuwa: ma'aikacin da ke jiran cika shekara 60 don karɓar fansho daga asusun CNSS, shekara guda cur ke tsakanin farkon kalanda da ƙarshenta, kuma ko ya samu ko ya rasa ya rataya ne a kan abin da yatsan wani ya taɓa shekaru da dama da suka wuce.

Wannan ba tatsuniya ba ce, domin duniya ba ta haɗu a kan rana ɗaya ba. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saba sa 1 ga Janairu, abin da ya sa dubban waɗanda aka tsugunar a Amurka suke bikin haihuwa rana guda. A Iraƙi 1 ga Yuli ce ta yi yawa a takardun mutane. Faransa kuma, tun daga ƙarshen 2004, ta umarci ofisoshinta su riƙa sa 31 ga Disamba idan shekara kaɗai aka sani. Ɗan Mayahi da takardarsa ta ce « vers 1970 » yana iya zama ɗan Janairu a Yamai, ɗan Disamba a Marsai, kuma ba ƙarya ya yi wa kowa ba. Ranar da za a ajiye takardun biyu a kan teburi ɗaya, shi za a tuhuma.

A nan ne ainihin cutar take. Ranar aro guda ɗaya, idan ta zauna daram a kowace takarda, mutum yana iya rayuwa da ita. Abin da ke kashe tafiya shi ne ranakun aro biyu ko uku. A ɗauki misalin wata tsohuwa daga yankin Sharkin Hausa da ta sayar da awaki da gyaɗa ta tara kuɗin kujerar Makka. Hukuncin alƙali ya ce wajajen 1958. Da aka zo yi mata katin ɗan ƙasa an bi hukuncin. Yaron da ya yi mata rajistar layin waya a kasuwa ya ga 01/01 ya yi yawa, sai ya ƙaga 15/06/1958 don abin ya yi kama da gaske. A asibiti an tambaye ta shekaru ta ce sittin da 'yan kai, aka cire daga shekarar da ake ciki aka samu 1960, aka rubuta a katin rigakafi. Fasfo ya fito da 01/01/1958. Yanzu tana da haihuwa uku. Idan mai shirya mata tafiya ya kwafi ranar daga katin da ya fi kusa da hannunsa maimakon fasfo, bizar da tikitin za su saɓa wa fasfon, kuma na'urar filin jirgi ba ta san uzuri ba. Gyaran kuskure a takardar asali galibi sai an koma wajen shari'a, da kuɗin mota da na tambari da kwanakin da jirgin alhazai ba zai jira ba. Wannan yaron na kasuwa, da niyyar taimako ya yi, amma ya fi wanda ya buga 01/01 ɓarna, domin 01/01 aƙalla tana da alamar aro a goshinta, duk ma'aikacin da ya gan ta zai yi tsammanin kirdado ce. Ita kuwa 15/06 ta shige cikin ranakun gaskiya ta ɓata.

Saboda haka ƙa'idar farko ga duk mai cike takarda, ko a ma'aikatar magajin gari yake ko a shagon tura kuɗi, ba ta da wuya: ba a teburin cikewa ake neman ranar haihuwa ba. Idan mutum yana da takardar asali, abin da ke cikinta ake kwafa, harafi da harafi. Idan ta ce shekara kaɗai, kuma takardar da ake cikewa ta alƙalami ce, a rubuta shekarar a ja layi a gidan rana da na wata. Idan na'ura ce ta ƙi, a dubi abin da katin ɗan ƙasa ko fasfo ya riga ya ɗauka a maimaita shi, ko da an san ba ranar gaskiya ba ce. Mutumin da ya tuna daga baya cewa a watan Azumi aka haife shi, wurin kai wannan magana gaban alƙali ne, ba gaban mai sayar da layin waya ba.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci kaya duka, alhali wanda ya tsara gurbin yana zaune a ofis mai sanyi. Gurbin da ke tilasta rana da wata zaɓin mutum ne, ba dokar na'ura ba. Ƙa'idar rubuta kwanan wata ta duniya, ISO 8601, ta yarda a rubuta shekara ita kaɗai, `1958`, ko shekara da wata, `1958-06`. Ƙa'idar fasfo ta hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kundin ICAO mai lamba 9303, ita ma ta tanadi wannan: inda ba a san rana ko wata ba a sa `XX` a fuskar fasfo, a layukan ƙasa da na'ura ke karantawa kuma a cike da alamar `<`, ta yadda haihuwar 1958 za ta fito `58<<<<`. Gaskiya ne cewa ba kowace manhajar sayar da tikiti ko neman biza ke karɓar wannan ba, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi da zai sa ƙasa ta zaɓi buga cikakkiyar rana a fasfo don kada a wahalar da matafiyanta. Amma abin da aka buga a fuskar kati daban, abin da aka ajiye a rumbun bayanai daban. Ana iya buga 01/01/1958 a kati, a rumbu kuma a ƙara gida ɗaya tak:

```
date_naissance : 1958-01-01
precision      : annee
```

Layi na biyun yana cewa shekara kaɗai aka sani. Ba ya cin kuɗi, ba ya ƙara wa layi minti ɗaya, kuma shi ne kalmar « vers » ta dawo da sabuwar riga. Da shi, jami'in fansho ko alƙali ko malamin makaranta zai san cewa ranar da ke gabansa tana iya gocewa da watanni goma sha biyu, ya yi hukunci da wannan sanin.

Ƙungiyoyin agaji da ke yawo da wayoyi a ƙauyukan jihar Maraɗi suna rajistar masu karɓar tallafi su ma abin ya shafe su, kuma da yawa ba su lura ba. A manhajojin ODK da KoboToolbox, idan aka sa wa gurbin kwanan wata siffar `year`, mai tambaya shekara kaɗai zai gani ya zaɓa, amma abin da za a ajiye shi ne 1 ga Janairu na shekarar. Wanda ya sauke bayanan a Yamai zai ga cikakkiyar rana, bai san babu wanda ya faɗe ta ba. Excel ma yana da nasa tarkon: a buga `1958` a gidan da aka tsara don kwanan wata, sai ya ɗauka kwana 1958 ake nufi daga farkon shekarar 1900, ya nuna `11/05/1905`. Idan aka ga jerin sunayen tsofaffin wani ƙauye duk an haife su a watan Mayu ko Yunin 1905, ba tsawon rai ba ne, wannan kuskuren ne. Gane ɗaya cutar ma ba wuya: a ƙirga mutum nawa ke ɗauke da 1 ga Janairu. Bisa lissafi ya kamata a samu kamar ɗaya cikin 365, wato mutum uku cikin dubu. Duk abin da ya haura haka da yawa, aro ne.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen yara, domin su da watanni ake ƙidaya su. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, awon tamowa da igiyar damtse kuma daga wata 6 zuwa 59. Yarinyar da aka haifa tsakiyar Nuwamba 2020, ranar 1 ga Yuli 2025 tana da wata 55, tana cikin waɗanda suka cancanta. Idan an rubuta mata 01/01/2020, takarda za ta ce watanta 66, ta fita. Haka kuma idan aka auna tsayinta aka gwada da na 'yan wata 66, za ta fito a matsayin wadda ta tsumbure, alhali ƙila lafiyarta ƙalau. A yankin da ya ɗanɗani yunwar 2005, inda alƙaluman tamowa ke yanke shawarar inda za a kai abinci, wata goma sha ɗaya ba abin wasa ba ne. Ga babba, 1 ga Janairu kuskure ne da za a iya jurewa. Ga ɗan shekara biyu, kusan rabin rayuwarsa ne.

Abin takaicin shi ne sau da yawa an san fiye da shekara, tambaya ce ba a yi ba. Bahaushe ba ya riƙe lamba, amma yana riƙe lokaci. Uwa za ta ce ana cikin girbin gero ta haihu, ko ranar da aka yi ruwan shuka, ko saura kwana uku Sallar Layya. Sunan kansa shaida ne: Azumi da Ɗan'azumi sun faɗi watansu, Marka da Anaruwa sun faɗi daminarsu, Ladi da Ɗanjuma sun faɗi ranarsu ta mako. Ranar 1 ga Janairu 1958 Laraba ce, don haka duk wata Talatu da ke ɗauke da wannan rana a katinta, sunanta yana ƙaryata katin. Ga manya kuma akwai tarihin da kowa ya sani: juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974, farin 1984 da mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, rasuwar Kunce a Nuwamba 1987, kisan Ba'are Mainasara a 9 ga Afrilu 1999, husufin rana na 29 ga Maris 2006. Masu binciken abinci mai gina jiki sun daɗe suna aiki da irin wannan kalandar abubuwan da suka faru a gari don gano watan haihuwar yaro. Wanda aka ce an haife shi cikin Azumin da ya biyo bayan farin El Buhari, watan Mayu ko Yunin 1985 ake nufi, kuma wannan ya rage kuskure daga shekara guda zuwa makonni.

Hanyar tana da iyakarta, kuma dole a faɗa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka Azumi yana zagaya damina da rani, sai an dubi jadawalin shekarar kafin a fassara shi zuwa watan Bature. A 2006 sau biyu aka yi Babbar Sallah, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, ke nan « an haife shi da Layyar 2006 » bai warware komai ba sai an ƙara tambaya. Akwai kuma wanda ya gaji sunan kakarsa Azumi alhali da sanyin hunturu aka haife shi. Shi ya sa wurin wannan bincike shi ne zaman alƙali, sau ɗaya, da shaidu da mai gari a kusa, a lokacin da ake kafa takardar asali. Abin da aka samu a rubuta shi gwargwadon yadda aka same shi: idan wata aka gano, a rubuta wata da shekara a bar rana, kada a cike ta da son rai.

Akwai masu cewa 1 ga Yuli ta fi, tunda tana tsakiyar shekara, kuskurenta ba zai wuce wata shida ta kowane ɓangare ba. A lissafi suna da gaskiya, kuma mai ƙididdiga yana iya amfani da ita a kan teburinsa idan yana da gidan da ke nuna masa waɗanne ranaku ne na aro. Amma a takardar mutum, sauya al'ada yanzu zai haifar da ainihin abin da ake gudu, wato mutum ɗaya da ranaku biyu. Katunan da ke aljihun mutane sun riga sun cika da 01/01. A bar ta, a yi mata alama.

Lokacin yin haka shi ne yanzu, kafin tsofaffin rajistoci su gama shiga na'ura. Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya na ba kowane mutum lambar shaida tun 2020, ƙasashen ƙawancen AES kuma sun sanar da fara aiki da sabon fasfonsu daga 29 ga Janairu 2025. Duk irin wannan aiki da kwafe tsofaffin takardu yake farawa, kuma a wajen kwafewar ne kalmar « vers » take faɗuwa ƙasa. Ma'aikatar cikin gida, wadda rajistar al'umma ke ƙarƙashinta, ita ce ke da ikon sa gidan alamar kirdado ya zama sharaɗi a kwangilar duk kamfanin da zai gina rumbun bayanai, ta kuma fitar da umarni mai shafi ɗaya, da Faransanci da Hausa, da zai isa bankuna, kamfanonin waya, asibitoci, makarantu da masu shirya aikin Hajji. Shugabannin ƙananan hukumomin Tasawa da Mayahi ba sai sun jira Yamai ba kafin su manna wannan ƙa'ida a bangon ofishin rajista, su kuma zauna da masu gari da limamai su tsara kalandar tarihin kowace ƙaramar hukuma kafin zaman alƙalai na gaba. A kowane ƙauye akwai tsofaffi biyu ko uku da suka san wa ya girmi wa, da shekarar da aka haƙa rijiya, da daminar da fara ta cinye gero, kuma yawancinsu su ma « vers » ce a takardarsu.